Yadda ake tabbatar da cewa saka abu a jeri mai ninka gurabensa aiki ne mai ƙayyadadden lokaci idan aka raba tsadarsa

Jeri mai faɗaɗa kansa, irin `vector` na C++ ko `list` na Python ko `ArrayList` na Java, yana ajiye abubuwansa a gurabe masu bin juna a ma'adanar kwamfuta. Muddin akwai gurbin da babu kowa a ciki, saka sabon abu a ƙarshe rubutu ɗaya ne kawai. Ranar da gurabe suka cika kuwa, sai a nemi sabon wuri mafi girma, a kwashe duk abin da ke tsohon wurin ɗaya bayan ɗaya zuwa can, sannan a rubuta sabon abin. Idan abubuwa miliyan ne a ciki, wannan sakawa guda ta ci kwafi miliyan. Duk da haka ana cewa `append`, wato saka abu a ƙarshen jeri, aikin O(1) ne, ma'ana tsadarsa ba ta ƙaruwa da girman jerin, kuma gaskiya ne, matuƙar an faɗi maganar yadda ya kamata. Ga yadda ake kafa hujjar daga farko har ƙarshe, a kan jerin da ke ninka gurabensa sau biyu duk lokacin da ya cika.

Mataki na farko: faɗi ainihin abin da kake son tabbatarwa

Yawancin hujjojin da ke lalacewa tun a nan suke lalacewa. Ba cewa za ka yi kowace sakawa tana da arha ba, domin wannan ƙarya ne. Abin da za ka tabbatar shi ne: idan aka fara da jeri babu komai a ciki, aka yi sakawa n a jere, jimlar aikin ba za ta wuce 3n ba, ko nawa ne n. Idan ka raba wannan jimla a kan sakawa n, kowace ta tashi da aiki 3 ko ƙasa da haka. Wannan ita ce rababbiyar tsada.

A lura, babu sa'a ko caca a cikin wannan magana. Ba matsakaicin abin da aka saba gani ake nufi ba. Ko wani ya zauna da gangan ya zaɓi n mafi muni, jimlar ba ta tsallake 3n. Robert Tarjan ne ya tsara wannan salon nazari sosai a wata maƙala ta 1985, kuma bambancinsa da lissafin matsakaici shi ne wannan tabbaci.

Mataki na biyu: tsayar da abin da kake ƙirgawa

Kafin lissafi, sai ka rubuta tsarin a sarari, ka kuma faɗi me ake kira aiki ɗaya. A nan n shi ne yawan abubuwan da ke ciki, m kuma yawan gurabe. Muna farawa da n = 0 da m = 1. Rubuta abu ɗaya a gurbi ɗaya shi ne aiki ɗaya, ko sabon abu ne ko kwafin tsoho.

```python
def saka(self, x):
    if self.n == self.m:
        sabo = [None] * (2 * self.m)
        for i in range(self.n):
            sabo[i] = self.a[i]
        self.a = sabo
        self.m *= 2
    self.a[self.n] = x
    self.n += 1
```

Gwada n da m, da ƙara ɗaya a kan n, ƙananan ayyuka ne da adadinsu ba ya canzawa a kowace sakawa, don haka ba sa sauya sakamakon. Maganar tsadar nemo sabon wurin kuma za mu dawo gare ta can gaba, domin mai duba hujja da kyau zai tambaya.

Mataki na uku: ƙirga da hannu har zuwa 17

Kada ka tsallake wannan. Takarda ɗaya ta isa, kuma daga ita ne siffar hujjar za ta fito.

Sakawa ta 1 ta tarar da gurbi a buɗe, aikinta 1. Ta 2 ta tarar da jeri a cike, ta kwafi abu 1, ta rubuta nata, aiki 2, gurabe sun koma 2. Ta 3 ma ta tarar da shi a cike, ta kwafi 2, ta rubuta 1, aiki 3, gurabe sun koma 4. Ta 4 ta sami wuri, aiki 1. Ta 5 ta kwafi 4, aiki 5, gurabe 8. Ta 6 da ta 7 da ta 8 aiki ɗaiɗai. Ta 9 ta kwafi 8, aiki 9, gurabe 16. Daga ta 10 har ta 16 ba a kwafi komai ba. Ta 17 ta kwafi 16, aiki 17, gurabe 32. A teburin nan, i ita ce lambar sakawa, c_i kuma aikin da ta ci.

```
i    1 2 3 4 5 6 7 8 9 10 ... 16 17
c_i  1 2 3 1 5 1 1 1 9  1 ...  1 17
m    1 2 4 4 8 8 8 8 16 16 ... 16 32
```

Abu biyu za ka gani. Sakawa mai tsada tana zuwa ne kawai idan i − 1 yana cikin 1, 2, 4, 8, 16, wato ninkin biyu-biyu. Sannan duk lokacin da tsadar ta ninka, tazarar da ke tsakaninta da mai tsada ta gaba ita ma ta ninka. Jimla a sakawa ta 16 ita ce 31, ƙasa da biyu kowace. A ta 17 ta yi tsalle zuwa 48, amma 3 sau 17 ya ba da 51. An kusa taɓa iyakar, ba a ƙetare ta ba.

Mataki na huɗu: hujja ta tara jimla

Dabarar ita ce ka raba kowace tsada gida biyu: rubuta sabon abu, da kwafin tsofaffi. Rubutun sabbin abubuwa n ne daidai, babu gardama. Kwafi kuwa yana faruwa ne a girma 1, 2, 4, har zuwa 2^k, inda 2^k shi ne mafi girman ninkin biyu da bai wuce n − 1 ba. Jimlar irin wannan jerin lambobi sananniya ce:

```
1 + 2 + 4 + ... + 2^k = 2^(k+1) - 1
```

Idan ana son a ga hujjar wannan ma, layi ɗaya ce: ka kira jimlar S, ka ninka ta biyu, ka cire S daga 2S, duk na tsakiya su kashe juna, a bar 2^(k+1) − 1. Ma'anarta a baki: duk kwafin da aka taɓa yi a baya, idan aka haɗa su, ba su kai kwafin ƙarshe ba. A misalinmu 1 + 2 + 4 + 8 ya ba da 15, na ƙarshe kuma 16.

Tunda 2^k bai wuce n − 1 ba, 2^(k+1) − 1 bai wuce 2n − 3 ba. Saboda haka, ga kowane n daga 2 zuwa sama:

```
T(n) = n + 2^(k+1) - 1 <= n + 2(n - 1) - 1 = 3n - 3
```

Idan n = 1, aikin 1 ne, ƙasa da 3. Hujja ta kammala. Ka gwada da 17: 3 sau 17 a cire 3 ya ba da 48, daidai da abin da ka ƙirga da hannu. Ka gwada da 1025: rubutu 1025 da kwafi 2047 sun ba da 3072, wanda shi ne 3n − 3 cif. Wannan ya nuna cewa ba za a iya sauko da 3 zuwa 2 ko 2.9 ba, domin duk lokacin da n ya ɗara ninkin biyu da ɗaya, jimlar tana manne da 3n.

Idan amsar tambayar jarrabawa kawai kake nema, wannan ta wadatar. Rauninta shi ne ta dogara da sanin takamaiman lokacin da kowane kwafi zai faru. Da zarar an shigo da cire abu, ko aka gauraya ayyuka iri-iri, wannan sanin ya tafi. Shi ya sa, a ganina, hujja ta biyu ce ta cancanci a zauna a kanta.

Mataki na biyar: gano dalilin da ya sa 3 ne

Ka ɗauka kowace sakawa tana zuwa da maki 3, kamar mai zuba ajiya a asusu don ranar da babbar buƙata za ta taso. Maki 1 ya tafi nan take wajen rubuta abin. Maki 2 sun shiga ajiya.

Duba jerin jim kaɗan bayan ya ninka daga gurabe 8 zuwa 16. Akwai tsofaffin abubuwa 8 da aka kwaso, an riga an cinye ajiyarsu wajen kwasowar, ba su da ko maki ɗaya. Akwai kuma gurabe 8 a buɗe. Kafin jerin ya sake cika, dole sabbin abubuwa 8 su shigo, kowanne ya bar maki 2, jimla 16. Ranar da za a sake ninkawa, abubuwa 16 ne za a kwafa. Ajiya ta biya kwafin daidai, babu saura babu bashi. Wato kowane sabon abu ya biya rubutunsa na yau, ya biya kwafinsa na gaba, ya kuma biya wa tsoho guda ɗaya wanda ajiyarsa ta ƙare. Inda 3 ta fito ke nan.

Mataki na shida: mayar da ajiyar ta zama lissafi

Yanzu muna son ma'auni guda, mu kira shi Φ, wanda zai faɗi yawan ajiya ta hanyar duban halin da jerin yake ciki kawai, ba tare da tuna tarihinsa ba. Mutane da yawa suna haddace shi ne, alhali fito da shi ba wuya. Sharuɗɗa biyu ne. Idan jerin rabi ne a cike, wato an gama kwafi ke nan, ajiya ta zama 0. Idan ya cika, ajiya ta zama m, don ta ishi kwafin abubuwa m. Miƙaƙƙen layin da ya bi ta waɗannan wurare biyu shi ne:

```
Φ = 2n - m
```

Idan n = m/2, Φ = 0. Idan n = m, Φ = m. Sai mu ce rababbiyar tsadar sakawa ta i ita ce ainihin aikinta haɗe da canjin da ta kawo wa ajiya:

```
a_i = c_i + Φ_i - Φ_(i-1)
```

Hali biyu ne kacal, kuma dole a bi kowanne.

Na farko, akwai gurbi a buɗe. Ainihin aiki 1 ne. An ƙara ɗaya a kan n, m bai motsa ba, don haka Φ ya ƙaru da 2. Rababbiyar tsada ta zama 1 + 2 = 3.

Na biyu, jerin a cike yake, n = m. Kafin sakawa Φ = 2m − m = m. Ainihin aiki m + 1 ne, kwafi m da rubutu ɗaya. Bayan sakawa abubuwa sun zama m + 1, gurabe sun zama 2m, saboda haka Φ = 2(m + 1) − 2m = 2. Sai mu haɗa:

```
a_i = (m + 1) + 2 - m = 3
```

A nan ne hujjar take. Wannan m da ke cikin ainihin aikin ya haɗu da m da ajiya ta zube da shi, suka share juna. Gwada da sakawa ta 17: kafin ta zo Φ = 32 − 16 = 16, bayanta Φ = 34 − 32 = 2, aikinta 17. Lissafi ya ba da 17 + 2 − 16 = 3. Kuskuren da aka fi yi a wannan layi shi ne a sa Φ = 0 bayan ninkawa, a manta cewa sabon abin ya riga ya shiga. Alamar kuskuren ita ce amsa ta fito 1 maimakon 3. Duk wanda ya ga sakawa mai kwafi ta fi maras kwafi arha a lissafinsa, ya koma ya duba n da ya yi amfani da shi.

Mataki na bakwai: haɗa su, ka kuma duba farawa

Idan ka tara a_i daga 1 zuwa n, kowane Φ na tsakiya yana fitowa sau ɗaya da ƙari, sau ɗaya da ragi. Na farko da na ƙarshe kaɗai suke saura:

```
T(n) = 3n - (Φ_n - Φ_0)
```

Don T(n) ya kasa wuce 3n, abin da ake buƙata shi ne Φ_n kada ya yi ƙasa da Φ_0. Wannan sharaɗi shi ne ake yawan wucewa a guje, kuma ba tare da shi ba babu hujja, domin kowa zai iya ƙirƙiro ma'aunin da ke ta sauka ƙasa ba iyaka ya sa kowane aiki ya yi kamar kyauta.

Ga wani ɗan tarko. Mun fara da n = 0 da m = 1, don haka Φ_0 = −1, ba 0 ba. Wanda ya haddace cewa Φ yana farawa daga 0 kuma ba ya sauka ƙasa da 0 zai rubuta abin da ba daidai ba a layinsa na farko. Gyaran mai sauƙi ne. Bayan sakawa ta farko n = 1, m = 1, Φ = 1. Daga nan, sakawa maras kwafi tana ɗaga Φ da 2, mai kwafi kuma tana ajiye shi a kan 2. Babu hanyar da zai koma ƙasa da −1, sharaɗi ya cika. Haka ma idan jerin ya fara da gurabe 10: Φ_0 = −10, yana hawa bibbiyu har ya kai 10, daga nan labari ɗaya ne.

Kyan wannan lissafi shi ne ba iyaka kawai ya bayar ba, ainihin jimlar ya bayar. A n = 17, Φ_n − Φ_0 = 2 + 1 = 3, sai 51 − 3 = 48. A n = 16, Φ_n = 16, bambancin 17 ne, sai 48 − 17 = 31. Duka sun yi daidai da teburin mataki na uku. Idan naka bai yi daidai ba, akwai kuskure a ɗayan biyun, kuma gara ka gano shi a 17 da a ce sai wani ya nuna maka.

Tsadar nemo sabon wuri

A lambar da muka rubuta, `[None] * (2 * self.m)` yana cika gurabe 2m, wannan kuwa aiki ne. Idan ka ƙirga shi, kowace ninkawa ta ƙara 2m a kan kwafi m. Jimlar waɗannan ƙarin ninki biyu ce ta jimlar kwafi, wato ƙasa da 4n. Iyakar ta tashi daga 3n zuwa 7n. Lambar ta canza, O(1) bai canza ba. Ya isa ka faɗi wannan a jimla ɗaya cikin hujjarka, ko ka bayyana tun farko cewa ka ɗauki nemo wuri a matsayin aiki ɗaya.

Wane ɓangare ne na hujjar ya dogara da ninkawa?

Hanya mafi kyau ta sanin ka fahimci hujja ita ce ka canza sharaɗi ɗaya ka ga inda za ta karye. A ce maimakon ninkawa, gurabe 100 ake ƙarawa duk lokacin da jerin ya cika, an kuma fara da 100. Kafin a kai abubuwa 1,000,000, an yi kwafi a girma 100, 200, 300, har 999,900. Jimlarsu 4,999,500,000. Da ninkawa kuwa, kwafin duka 1,048,575 ne. A harshen ajiya, matsalar a fili take: tsakanin kwafi da kwafi sakawa 100 ne kawai ke shigowa, amma abin da za su biya yana ta girma. Babu tsayayyen adadin maki da zai isa. Jimlar tana tafiya ne da n², kowace sakawa kuma rabonta yana tafiya da n. Mayar da 100 zuwa 10,000 jinkirta matsalar kawai yake yi.

Lamba 2 kuwa ba ita ce sirrin ba. Kowane ninki r da ya ɗara 1 yana aiki. Ka sake bin sharuɗɗan nan biyu: ajiya 0 idan n = m/r, ajiya m idan n = m. Za ka sami:

```
Φ = (r*n - m) / (r - 1)
a = 1 + r / (r - 1)
```

Idan r = 2, a = 3, kamar yadda muka samu. Idan r = 1.5, wanda shi ne ninkin da `ArrayList` na Java ke amfani da shi, a = 4. `list` na CPython yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin takwas ne, wato r kusan 1.125, wanda a wannan ƙirga yake ba da 10. Ƙaramin r yana rage guraben da ke zaune a banza, ya ƙara yawan kwafi. Abu ɗaya da za a kula da shi idan r ba cikakkiyar lamba ba ce: 1.5 sau 1 idan aka yanke shi ƙasa 1 ne, jerin ba zai taɓa girma ba. Sai a tilasta ƙarin gurbi aƙalla ɗaya, a kuma faɗi haka a hujjar.

Abin da hujjar ba ta ce ba

Ba ta yi alkawarin komai a kan sakawa guda ɗaya ba. Sakawa ta 1,048,577 za ta kwafi abubuwa 1,048,576, kuma duk wanda ke jiran ta zai jira. A manhajar da kowane aiki yake da wa'adin da ba a so ya wuce, kamar sarrafa sauti kai tsaye, wannan tsaikon shi ne matsalar. Maganin a nan shi ne tanadar gurabe tun farko, misali da `reserve` a C++. Amma a yi hattara: kiran `reserve(size() + 1)` kafin kowace sakawa zai iya mayar da jerin mai ƙara gurbi ɗaiɗai, a koma n².

Idan aka shigo da cirewa

Da zarar an yarda a cire abu daga ƙarshe, Φ = 2n − m ya daina cika sharaɗinsa. Jeri mai gurabe 32 da aka cire abubuwansa har saura 3 yana da Φ = 6 − 32 = −26, can ƙasa da Φ_0. Sakamakon yana nan da gaskiyarsa, amma wannan hujjar ba ta ƙara tabbatar da shi. Idan ba a rage gurabe yayin cirewa, gyaran shi ne a ɗauki `Φ = max(0, 2n - m)`. Yanzu Φ_0 = 0 kuma ba ya sauka ƙasa da haka. Cirewa aiki 1 ce kuma ba ta ɗaga Φ, sakawa maras kwafi ba ta ɗaga shi fiye da 2, sakawa mai kwafi kuma lissafinta bai canza ba tunda n = m a lokacin.

Idan kuwa ana son jerin ya riƙa raguwa, wurin da aka sa iyakar shi ne komai. A ce ana raba gurabe biyu da zarar abubuwa sun sauko rabi. Jeri mai abubuwa 16 a gurabe 16: saka ɗaya, an kwafi 16, gurabe sun koma 32. Cire ɗaya, abubuwa sun dawo 16, rabi ke nan, an sake kwafin 16 zuwa gurabe 16. Saka, cire, saka, cire, kowane aiki yana cin kwafi 16, babu wata tazara da ajiya za ta taru a cikinta. Shi ya sa ake jira sai abubuwa sun sauko kashi ɗaya cikin huɗu kafin a raba gurabe biyu. A jeri mai gurabe 32, raguwa za ta zo ne a abubuwa 8, gurabe su koma 16, jerin ya sake zama rabi a cike. Daga wannan hali, sai an yi sakawa 8 kafin ya cika, ko cirewa 4 kafin ya sake raguwa. Ma'aunin da ke tafiya da wannan tsari shi ne 2n − m idan n ya kai rabin m ko ya fi, da m/2 − n idan bai kai ba, kuma ana bin halayensa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka yi a mataki na shida, sai dai yanzu ayyuka biyu ne, kowanne da mai kwafi da maras kwafi.